Wa Ya Faɗa, Wa Ya Ruwaito: Kafa Hujja da Littattafan Tafsiri a Rubutun Nazari

Kwanakin baya wani ɗalibi a nan Sakkwato ya kawo mini muƙalar da yake shiryawa a kan asalin layya domin in duba masa. A shafi na uku ya rubuta cewa malaman tafsiri sun haɗu a kan cewa Annabi Isma'ila ne ɗan da aka umarci Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare su, ya yanka. A ƙasan shafin ya jero littattafai biyar: Ɗabari, Kurɗubi, Bagawi, Hazin da Jalalaini, ya kuma danganta maganar Jalalaini ga Imam Suyuɗi. Kowane littafi ya ba shi juzu'i da lambar shafi, ta yadda mai kallon takardar daga nesa zai ce aiki ya yi kyau. Ra'ayin da ya ɗauka kuwa shi ne wanda muka taso muna ji a wurin tafsirin watan azumi da huɗubar babbar salla, kuma ni ma shi nake ganin ya fi ƙarfi. Sai dai jimlar da ya rubuta ba gaskiya ba ce, kuma littattafan da ya kafa hujja da su su ne shaidun farko a kan haka.

Abin da ya ɓatar da shi, wanda yake ɓatar da ɗalibai da yawa, shi ne ɗaukar littafin tafsiri a matsayin maganar mutum ɗaya daga bango zuwa bango. Tsohon littafin tafsiri ya fi kama da zauren da mai gida ya tara baƙi, kowa yana faɗin abin da ya ji daga malaminsa, mai gidan kuma wani lokaci ya yanke magana, wani lokaci ya yi shiru. Wanda ya leƙo ta taga ya ji jimla ɗaya ya tafi yana cewa mai gida ne ya faɗa, ya yi masa ƙage ko da bai yi nufi ba.

Imam Muhammadu ɗan Jarir Ɗabari, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 310 bayan hijira, daidai da 923, yana da tsari sananne a cikin Jami'ul Bayani. Yakan kawo aya ya yi mata gajeren bayani, sannan ya ce malaman tawili sun saɓa, ya buɗe ƙauli na farko ya jero waɗanda suka faɗe shi da isnadinsu, wato jerin mutanen da maganar ta bi ta bakinsu, ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe na biyu ya yi haka. Sai bayan ya gama duk wannan ne yake cewa ƙaulin da ya fi kusa da daidai a wurinsa shi ne kaza, ya kawo dalili. A aya ta 107 ta Suratus Saffati, inda aka ce an fanshi yaron da abin yanka mai girma, haka ya yi. A ɓangaren masu cewa Is'haƙa ne ya kawo ruwayoyi daga Abbas ɗan Abdulmuɗɗalibi da Ibnu Mas'ud da Ka'abul Ahbar da Masruƙ. A ɓangaren masu cewa Isma'ila ne ya kawo Ibnu Umar da Sha'abi da Mujahid da Hasanul Basri da Muhammadu ɗan Ka'ab Alƙurazi. Ɗalibin nan ya faɗa tsakiyar jerin na biyu, ya ga sunan Isma'ila ya cika shafi, ya kwafi lambar shafin ya rufe littafi. Da ya ƙara shafi biyu ko uku da ya tarar da muryar Ɗabari kansa, wanda ya rinjayar da cewa Is'haƙa ne.

Wani abin lura kuma shi ne Abdullahi ɗan Abbas yana cikin jerin biyu duka. Ta hanyar Ikrima an ruwaito daga gare shi cewa Is'haƙa ne, ta hanyar Sha'abi da Aɗa'u ɗan Abu Rabah da wasunsu kuma an ruwaito cewa Isma'ila ne. Don haka rubuta "Ibnu Abbas ya ce" a irin wannan wuri bai wadatar ba. Abin da mai nazari yake da ikon rubutawa shi ne Ɗabari ya ruwaito daga Ibnu Abbas ta hanyar wane, an kuma ruwaito saɓaninsa ta hanyar wane. Wannan ƙa'ida ta fi tsanani a kan Ibnu Abbas fiye da kowa, domin babu sahabin da aka jingina wa maganganun tafsiri kamar shi, kuma hanyoyin ba darajarsu ɗaya ba. Hanyar Aliyu ɗan Abu Ɗalha malamai sun karɓe ta ko da yake bai ji kai tsaye daga Ibnu Abbas ba, har Buhari ya amfana da ita a cikin Sahihinsa. Shi kuwa ɗan littafin nan da ake sayarwa da sunan Tanwirul Miƙbas, wanda aka rubuta a bangonsa cewa tafsirin Ibnu Abbas ne, ya zo ne ta hanyar Suddi ƙarami daga Kalbi daga Abu Salih, hanyar da malaman hadisi suka kira sarƙar ƙarya. Wanda ya ɗauko magana daga ciki ya ce Ibnu Abbas ne ya faɗa, ya gina muƙalarsa a kan rairayi.

Sauran littattafan huɗu ba su fi Ɗabari taimakon ɗalibin ba. Kurɗubi, malamin Andalus mai bin mazhabar Maliku wanda ya rasu a Masar a 671, ya kawo ɓangarorin biyu, ya ce ƙaulin Is'haƙa ya fi ƙarfi ta fuskar abin da aka naƙalto daga magabata, sannan ya ambaci matsayi na uku na Zajjaj, wanda ya bar wa Allah sani. Jalalaini ya ce wanda aka yi umarnin yankawa Isma'ila ne ko Is'haƙa, ƙauli biyu ne, ko da yake da ya zo aya ta 112 ya nuna cewa an kafa hujja da ita a kan cewa wanda za a yanka ba Is'haƙa ba ne. Kuma wannan wuri ba alƙalamin Suyuɗi ba ne. Jalaluddin Mahalli, wanda ya rasu a 864, shi ya yi tafsirin daga Suratul Kahfi zuwa Nasi, ya haɗa da Fatiha, sannan Suyuɗi, wanda ya rasu a 911, ya cike daga Baƙara zuwa ƙarshen Isra'i. Saffati tana cikin rabon Mahalli. A garin da ake jan Jalalaini kowace shekara a masallatai da zaurukan malamai, bai kamata wannan ya kuɓuce wa mai rubutun nazari ba, amma na sha ganinsa.

Bagawi da Hazin sun jero ɓangarorin biyu da hujjojinsu, kuma a kansu ne matsala ta biyu take fitowa, wato ƙirga littattafai maimakon auna su. Hazin, wanda ya rasu a 741, ya faɗa da bakinsa a gabatarwar Lubabut Ta'awili cewa daga Ma'alimut Tanzili na Bagawi ya tsamo littafinsa, ya sauke isnadai ya yi ƙare-ƙare. Bagawi kuma, wanda ya rasu a 516, ya dogara ƙwarai da tafsirin Sa'alabi na Naisabur, wanda ya rasu a 427, yana tace shi daga hadisan ƙarya. Idan mutum ya samu labari ɗaya a cikin waɗannan uku, bai samu shaidu uku ba. Ya ji magana ɗaya ce ta bi ta baki uku. Haka Bailawi ya gina Anwarut Tanzili a kan Kasshaf na Zamahshari yana cire aƙidar Mu'utazila, haka Abdurrahman Sa'alibi na Aljeriya, wanda ya rasu a 875, ya gina Jawahirul Hisan a kan tafsirin Ibnu Aɗiyya. Wannan ba aibi ba ne a wurinsu, domin al'adar ilimi ce, kuma galibinsu sun bayyana tushensu. Aibin yana wurin mai nazarin da ya jera uba da ɗa da jika ya ce ya samu ittifaƙi.

Misalin da ya fi nuna haɗarin wannan shi ne dogon hadisin nan na falalar surori ɗaya bayan ɗaya da ake jingina wa Ubayyu ɗan Ka'ab. Sa'alabi ya rarraba shi a kan surori, ɗalibinsa Wahidi ya bi shi, Zamahshari ya sa shi a ƙarshen kowace sura, Bailawi ya kwaso daga Zamahshari. Manyan littattafai huɗu ke nan, amma malaman hadisi sun yi hukunci cewa ƙagagge ne, kuma yawan masu kwafarsa bai ƙara masa nauyin ƙwayar gero ba.

To, da me ake auna ƙauli idan ba da yawan littattafai ba? A wannan mas'ala ta yanka, hujjojin suna nan a fili kuma ɗalibi yana iya bin su. Ɗabari ya gina zaɓinsa a kan cewa Annabi Ibrahim ya roƙi ɗa nagari, aka yi masa bushara da yaro mai haƙuri, kuma a sauran wuraren Alƙur'ani da aka ambaci busharar ɗa ga Annabi Ibrahim Is'haƙa ake nufi, don haka a nan ma shi ne. Masu cewa Isma'ila ne suna da hujjoji uku fitattu. Bayan an gama labarin yankan gaba ɗaya ne aya ta 112 ta zo da busharar Is'haƙa, abin da ke nuna wani yaro ne daban. A Suratu Hudu aya ta 71 an yi bushara da Is'haƙa da kuma Yaƙubu a bayansa, to yaya za a yi umarnin yanka yaron da aka riga aka yi alkawarin zai haihu? Sannan an ruwaito cewa ƙahonnin ragon sun daɗe a rataye a Ka'aba, Isma'ila kuwa shi ne ya zauna a Makka. Ɗabari ya san duk waɗannan kuma ya amsa su: busharar aya ta 112 ta annabci ce, mai yiwuwa ne an riga an haifi Yaƙubu kafin umarnin, ƙahonni kuma ana iya ɗauko su daga Sham a kai Makka. Mai karatu zai lura cewa biyu daga cikin amsoshin nan uku na "mai yiwuwa" ne, kuma a ganina nan ne raunin matsayinsa yake, domin kowace hujja sai da ya nemo mata mafita.

Ibnu Kasir, wanda ya rasu a Dimashƙa a 774, ya zo da wani ma'auni na daban, wato tambayar daga ina maganar ta ɓullo. Ya ce a ganinsa maganganun da ke cewa Is'haƙa ne duk sun samo tushe daga Ka'abul Ahbar, wanda ya musulunta a zamanin sahabbai yana ba su labarin abin da ke cikin littattafan mutanensa na da, wato Yahudawa. Ya kuma duba hadisin da aka ɗaukaka zuwa ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta hanyar Abbas, ya nuna akwai masu rauni biyu a cikin isnadinsa, Hasan ɗan Dinar da Aliyu ɗan Zaidu ɗan Jud'an. Idan maganarsa ta tabbata, dogon jerin sunayen da ya burge Kurɗubi ya koma majiya ɗaya. Sai dai mai rubutu ya kiyaye, domin Ibnu Kasir da kansa ya sa "Allah ne mafi sani" a cikin wannan jimla, don haka fahimtarsa ce, kuma haka ya kamata a kawo ta. Bailawi ma ya ce abin da ya fi bayyana shi ne Isma'ila. Waɗannan biyu su ne shaidun da ɗalibin yake buƙata, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a ƙasan shafinsa.

Daga nan ake gane cewa kowane mai tafsiri yana da fagen da maganarsa ta fi nauyi. Idan tambayar ita ce me magabata suka ce kuma ta wace hanya, Ɗabari ne ma'aji, ko da ba a bi zaɓinsa ba. Idan tambayar ingancin ruwaya ce, Ibnu Kasir ya fi amfani. A hukunce-hukuncen Malikiyya ana komawa ga Ahkamul Ƙur'ani na Ibnul Arabi da kuma Kurɗubi. Zamahshari gwani ne a balaga, amma idan ya zo ayar Suratul Ƙiyamati da ke maganar fuskoki masu kallon Ubangijinsu, sai ya mayar da kallon ya zama fata da sauraron ni'ima, saboda mazhabarsa ba ta yarda da ganin Allah a lahira ba. Ana iya kawo wannan magana tasa a muƙala, muddin an faɗi daga wace aƙida ta fito. Akwai kuma tarkon gefen shafi: yawancin bugun Kasshaf suna ɗauke da raddin Ibnul Munayyir, malamin Malikiyya na Iskandariyya, a ƙasa ko a gefe, kamar yadda hashiyar Sawi da ta Jamal suke tafe tare da matanin Jalalaini. Wanda bai bambance matani da hashiya ba yana iya sa wa Zamahshari maganar mai yi masa raddi a baki.

Duk wannan ya shafi tafsirinmu na gida kai tsaye. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya kammala Liya'ut Ta'awili a 1231, wajen 1816, daga baya ya taƙaita aikin a cikin Kifayatu Lu'afa'is Sudan domin ɗalibai, a kan ruwayar Warshu da mutanen ƙasar nan suke karatu da ita. Liya'u littafi ne da ya tattaro daga magabata, kuma mai karanta shi zai riƙa cin karo da sunan Bailawi da Ibnul Arabi da Jawahir da Gayatul Amani na Kurani. Ƙaunar da muke yi wa Malam Abdullahi takan sa ɗalibi ya ɗauko kowace jimla mai daɗi ya rubuta cewa ra'ayinsa ne ko ijtihadinsa, alhali sau da yawa shi kansa ya ambaci mai maganar a farkonta ya kuma sa alamar ƙarewar naƙali a ƙarshenta. Wanda yake son ya nuna gudummawar Malam Abdullahi a kan wata aya sai ya ajiye Liya'u a hannun dama, ya ajiye Jalalaini da Bailawi da Hazin a hannun hagu, ya bi layi-layi yana ware abin da aka kwaso, abin da aka bari, abin da aka gyara da abin da aka ƙara. Zaɓin da malami ya yi tsakanin ƙaulan da ke gabansa, da abin da ya ga bai dace ya kawo wa ɗalibansa ba, ilimi ne da ake iya rubutu a kansa, amma ba a ganinsa sai an yi wannan kwatanci.

Saura yadda za a rubuta madogarar kanta. Lambar juzu'i da shafi kaɗai ba ta isa a littafin tafsiri, domin bugu yana da yawa kuma shafuka ba sa haɗuwa. Ɗabari yana da tsohon bugun Bulaƙ mai juzu'i 30, yana da bugun Abdullahi Atturki na 2001 mai mujalladi 26, yana kuma da tahaƙiƙin Mahmud Shakir da ɗan'uwansa Ahmad Shakir, wato bugun da suka tantance, wanda ya tsaya a mujalladi na 16 a cikin Suratu Ibrahim. Wannan na ƙarshe yana da tarko, domin kwafin da ke yawo a manhajojin littattafai na waya da kwamfuta yana ɗauke da sunan Shakir a kan tafsirin gaba ɗaya. Ɗalibin nan ya rubuta cewa ya ɗauko maganar Saffati daga tahaƙiƙin Shakir, wato daga wurin da Shakir bai taɓa kaiwa ba, kuma duk malamin da ya san littafin zai gane nan take cewa ba a taɓa takardar da hannu ba. Babu laifi a yi amfani da manhaja wajen nema, amma sai a buɗe hoton bugun a tabbatar da shafin. Haka kuma idan taƙaitaccen Ibnu Kasir aka karanta, kamar na Sabuni, ko fassararsa, to sunan wannan aikin za a rubuta, domin mai taƙaitawa ya zubar da isnadai da wasu ruwayoyi bisa nasa zaɓin.

Abin da ke ceton mai karatu shi ne ambaton sura da aya tare da juzu'i da shafi, saboda da su zai gano wurin a kowane bugu. A nan ma akwai abin kiyayewa ga mutanen da suka tashi da Warshu, domin ƙirgar ayoyi ta mutanen Madina da ake bi a mus'hafan Warshu ta saɓa da ta mutanen Kufa da ake bi a na Hafsu. Baƙara aya 285 ce a ta farko, 286 a ta biyu. Ya kamata a faɗa tun farkon muƙala wace ƙirga aka bi, kuma idan ana jin tsoron ruɗani a kawo kalmomin farko na ayar. Shekarar rasuwar marubuci a ambato na farko tana da amfani, saboda wanda ya ga "Ɗabari, 2001" kusa da "Ibnu Kasir, 1999" ba zai san cewa akwai fiye da shekara 460 tsakanin rasuwar mutanen biyu ba, balle ya san wa ya karanta wa.

Idan kuma rubutun hannu aka duba, kamar kwafe-kwafen Liya'u da ke gidajen malamai ko a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, sai a faɗi inda yake, lambarsa idan yana da ita, sunan mai kwafa da shekarar kwafa idan an rubuta a ƙarshe, da lambar warƙa da fuskarta. Littattafanmu na da warƙoƙi ne a sake cikin gafaka, ana gane jerinsu ta kalmar da ake rubutawa a ƙasan shafi wadda ita ce farkon shafi na gaba, don haka idan mai nazari ne ya ƙirga warƙoƙin da kansa sai ya bayyana haka. Liya'u an buga shi a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i huɗu, kuma duk inda jimla ta ƙi zama a bugun, duba rubutun hannu ya fi yin gyara da ka.

Da ɗalibin ya dawo bayan mako biyu, jimlarsa ɗaya ta zama sakin layi guda. Ya rubuta cewa magabata sun saɓa a kan wanda aka yi umarnin yankawa, an kuma ruwaito ƙaulan biyu daga Ibnu Abbas ta hanyoyi daban-daban. Ɗabari ya rinjayar da Is'haƙa saboda yadda bushara ta zo a sauran surori, Kurɗubi ya karkata can saboda yawan naƙali, Mahalli ya kawo ƙaulan biyu. Bailawi da Ibnu Kasir sun rinjayar da Isma'ila, kuma shi mai muƙala ya bi su saboda jerin ayoyin Saffati da ayar Hudu, da kuma shakkar da Ibnu Kasir ya jefa a kan tushen ɗaya ƙaulin. Ya cire Hazin daga ƙasan shafi ya bar Bagawi, ya maye gurbin sunan Shakir da bugun Atturki bayan ya je ya buɗe shi ya ga shafin da idonsa.